Kanun imel na rangwamen ƙarshen sanyi: tambayoyi da amsoshi

Idan Fabrairu ta raba tsakiya, hazo ya fara janyewa, masu sayar da barguna da rigunan sanyi sukan duba shago su ga saura jibge, ga kuɗi a ɗaure cikinsu, ga zafi ya ƙarato. Waɗanda suka tara adireshin imel na abokan cinikinsu sukan rubuta saƙon rangwame ba tare da wahala ba, sai a zo kan layin nan ɗaya da ake cikewa a gurbin `Subject` a tsaya ana tunani. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa. Domin maganar ta zauna, misali ɗaya za a bi daga farko har ƙarshe: shago mai barguna 40 da suka rage, farashi ya sauko daga ₦18,000 zuwa ₦13,500, akwai ragowar rigunan sanyi na yara, kuma mutum 600 ne a jerin waɗanda ake aika wa saƙo.

1. Mene ne ainihin aikin kanun saƙon?

Aikinsa ɗaya ne: ya sa wanda ya san shagonka ya taɓa saƙon ya buɗe. Ciniki a cikin saƙon ake yin sa, inda hoto da farashi da lambar waya suke. Da yawa suna ɗora wa kanu aikin talla gaba ɗaya, su cusa sunan shago da sunan kaya da ragi da ranar rufewa, sai ya yi nauyi ya kasa ko da aikin nasa.

Ka tuna kuma abu uku mutum yake gani a jere kafin ya buɗe: sunan mai aikowa, kanu, sai ɗan tsakuren da ke biye da shi. Tunda sunan shagonka ya riga ya fito a layin mai aikowa, maimaita shi a kanu asarar wuri ce. Tambaya ta 5 ta yi bayanin yadda ake raba aiki tsakanin kanu da tsakuren.

2. Gajere ɗin nan da ake ta faɗa, harafi nawa ke nan?

Yawancin abokan cinikinmu a waya suke duba imel, kuma manhajar waya takan nuna harafi talatin zuwa arba'in ne na kanu kafin ta datse, gwargwadon faɗin wayar da girman rubutun da mai ita ya zaɓa. Kwamfuta ta fi nuna yawa, amma da waya za ka yi lissafi. A Hausa wannan ya kama kalma huɗu zuwa shida.

Dubi wannan: "Sanarwa ta musamman ga dukkan abokan cinikinmu game da rangwamen ƙarshen sanyi". A waya abin da zai fito bai wuce "Sanarwa ta musamman ga dukkan aboka…" ba. Babu bargo a ciki, babu rangwame, babu dalilin buɗewa. Kwatanta shi da "Saura barguna 40", harafi 16 har da tazara, ko "Bargon nan ya sauko", harafi 19. Idan dole kanu ya ɗan yi tsawo, sa kalmar da ta fi muhimmanci a farko, yadda ko an datse wutsiya ba a yi asarar komai ba. Gaisuwa da "muna farin cikin sanar da ku" su jira a cikin saƙon, can suke da kyau.

3. Ta yaya kanu zai ja hankali ba tare da ya zama wasan ƙwaƙwalwa ba?

Ka ɓoye abu ɗaya tak, ka bayyana sauran. A rangwame abubuwa huɗu ne mai saye yake son sani: wane kaya, nawa ya koma, nawa ya rage, yaushe za a rufe. Kanu mai jan hankali yakan faɗi ɗaya ko biyu a fili, ya riƙe ɗaya wanda mai karatu zai ji dole ya sani. "Bargon nan ya sauko" ya faɗi kaya, ya faɗi cewa farashi ya faɗi, ya riƙe sabon farashin. Wanda ya taɓa tayawa a Disamba ya ji ₦18,000 ya haƙura, nan take zai so ya ji nawa ya koma. "Saura barguna 40" kuma ya faɗi kaya da adadi, ya riƙe dalilin da ya sa ake gaya maka.

Inda ake ɓata abin shi ne a ɓoye komai. "Kun ji labari?" ko "Abin mamaki ya faru" ko "Kada ku buɗe wannan" duk sun riƙe abu huɗun gaba ɗaya. Wasu za su buɗe a karon farko, su tarar da tallar bargo, su ji an yi musu wayo. Wanda yake neman bargo da gaske kuma ba abin da ya gaya masa saƙon nasa ne, sai ya wuce. Ka samu buɗewar waɗanda ba za su saya ba, ka rasa ta wanda zai saya.

Gwajin da nake ba kowa shi ne wannan: karanta kanun ga wani da bai san abin da ke ciki ba, ka tambaye shi me yake zaton zai gani. Idan ya ce "farashin bargo ne ya ragu, amma ban san nawa ba", kanun ya yi. Idan ya ce "ina zan sani", ka ɓoye da yawa. Idan kuma ya iya faɗin komai har da kuɗin, ba ka bar masa dalilin buɗewa ba, ko da yake wani lokacin hakan ne ya dace, kamar yadda tambaya ta 6 ta nuna.

4. Zafi na shigowa, wa zai buɗe saƙon bargo? Me zan ce masa?

Nan ne rangwamen ƙarshen lokaci ya bambanta da sauran talla. Kana sayar da abu ne a daidai lokacin da buƙatarsa take ƙarewa, kuma mai karatu ya san haka. Kanun da ya yi kamar bai san zafi na zuwa ba, irin "Ku kare kanku daga sanyi", zai zama kamar wanda aka rubuta tun Nuwamba aka manta ba a tura ba.

Gara ka amsa ƙorafin tun a kanu. Mai sayen bargo a ƙarshen Fabrairu ɗaya ne daga mutum uku: mai ajiyewa don baɗi, mai haɗa kayan ɗakin amarya, ko ƙaramin ɗan kasuwa da yake son ya sara da araha. Kowannensu akwai maganar da take taɓa shi. Ga mai ajiya: "Bargon baɗi, farashin yau" ko "Sanyin baɗi na nan tafe". Ga iyayen amarya: "Masu haɗa kayan ɗaki, ku duba". Ga mai sari: "Dozin ɗaya, sabon lissafi". Rigunan yara suna da tasu dabarar, domin uwa ta san yaro zai girma kafin wani sanyin: "Ɗauki mai girma, baɗi ya sa" magana ce da uwa take yi da kanta a kasuwa, shi ya sa take shiga.

Idan ba ka raba jerinka gida-gida ba, ɗauki na mai ajiya, shi ya fi haɗa kowa.

5. Mene ne ɗan rubutun da ke fitowa bayan kanu, kuma ina ruwansa da wannan?

Tsakure ne da manhajar imel take nunawa a ƙasa ko a gefen kanu, da launi mai haske. Manhajojin tura saƙon talla suna da gurbinsa, a Mailchimp sunansa `Preview text`. Idan ka bar shi ba komai, manhajar mai karɓa za ta ɗauko farkon abin da ke cikin saƙon, wanda sau da yawa gaisuwa ce ko layin `View this email in your browser`.

Shi ne yake ba ka damar gajarta kanu ba tare da tsoro ba. Kanu ya ja, tsakure ya ƙara hujja ɗaya, amma kada ya maimaita kanun kuma kada ya toshe ramin da ka bari. Misali, kanu: "Bargon nan ya sauko". Tsakure: "Saura 40, kuma ranar Asabar muke rufewa." Yanzu mai karatu ya san kaya, ya san adadi, ya san rana, farashin kaɗai ya rage, shi kuma yana layin farko na saƙon. Layin farko nake nufi, ba bayan sakin layi uku na godiya ba. Abin da kanu ya riƙe, a biya shi da zarar an buɗe.

6. In sa farashi ko kashi nawa aka rage a cikin kanun?

Ya danganta da ko lambar tana da ƙarfin tsayawa ita kaɗai. A misalinmu ragin ₦4,500 ne, wato kashi 25 cikin ɗari. "Ragin kashi 25" yana sa mutum lissafi, kuma sai ya tuna tsohon farashi kafin ya gane. "An cire ₦4,500 a bargo" kuɗi ne da ake iya gani a hannu. Ga kaya masu tsada naira ta fi magana. Ga ƙananan kaya kamar safa da hular sanyi, inda ragin bai wuce ɗaruruwa ba, "rabin kuɗi" ko "biyu a kuɗin ɗaya" sun fi daɗin ji, muddin gaskiya ne.

Ra'ayina shi ne a riƙe farashi a saƙon farko, a bayyana shi a na ƙarshe. A ranar rufewa ba lokacin jan rai ba ne, mutum yana buƙatar ya yanke shawara ko bai buɗe ba. Tsarin yana tambaya ta 11. Abin da ban yarda da shi ba shi ne "ragi har kashi 70" alhali kaya ɗaya ne tak yake da wannan ragin, sauran kashi 10 ne.

7. Ka, ki, ko ku? Kuma in sa sunan mutum?

Hausa ba ta barin ka ɓoye jinsin wanda kake magana da shi, don haka sai ka zaɓa. "Kin ga sabon farashi?" ya fi "Kun ga sabon farashi?" kusanci, amma idan ya faɗa akwatin magidanci, ya san ba da shi ake ba. In jerinka ba a rabe yake maza da mata ba, yi amfani da "ku", wanda ya haɗa kowa kuma yake ɗauke da girmamawa, ko ka gina kanun ba tare da wakilin suna ba, kamar "Saura barguna 40".

Suna kuma sai da hattara. Manhajoji suna da alamar da ake sawa ta ɗauko sunan kowa daga jerin, a Mailchimp haka take:

```
*|FNAME|*, bargon nan ya sauko
```

Matsala biyu ce. Ta farko, duk abin da aka rubuta a gurbin suna shi zai fito, ko laƙabi ne, ko sunan shago, ko ba komai, sai kanun ya fara da waƙafi tsirara. Ta biyu ta al'ada ce: dattijuwar da kake ce wa Hajiya a shago, ba za ta ji daɗin ganin sunanta gatsau a kanu daga wurin sa'an ɗan cikinta ba. Idan za ka sa suna, ka zauna ka gyara gurbin da hannu yadda kake kiran kowa baki da baki, Hajiya wance, Malam wane. In ba ka da lokacin wannan, bar sunan.

8. Waɗanne kalmomi ne suke rage wa kayan daraja?

"Gwanjo" ita ce ta farko. Ga yawancin masu saye tana nufin kayan da aka riga aka sa, don haka sabon bargo a leda bai kamata ya fito ƙarƙashinta ba. "Kwantai" kalmarmu ce ta cikin shago, mai saye idan ya ji ta sai ya ɗauka abin da kowa ya ƙi ne ake tura masa. "Rangwame", "ragi", "ya sauko", "saura" duk suna faɗin gaskiya ba tare da sun zubar da kayan ba. "Garaɓasa" da "bonanza" suna da armashi, sai dai an yi ta amfani da su har sun gaji, kuma suna ɗaga tsammani sama da kashi 25.

9. Shin kanu ne yake jefa saƙo cikin `Spam` ko `Promotions`?

Biyun ba ɗaya ba ne. `Promotions` shafi ne da Gmail ya ɓullo da shi a 2013 don tara saƙonnin talla, kuma saƙon rangwame talla ne, don haka zuwansa can ba laifi ba ne. `Spam` kuwa hukunci ne, kuma abin da ya fi jawo shi shi ne halin mai aikowa: tura wa waɗanda ba su nema ba, yawan masu danna `Report spam`, da rashin tantance adireshin da ake turowa daga gare shi. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara ƙa'ida ga masu tura saƙo da yawa: tantancewa ta SPF da DKIM da DMARC, hanyar ficewa daga jeri da dannawa ɗaya, da kuma kada ƙorafi ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. A wurin Gmail cikakkun sharuɗɗan sun hau kan mai tura kusan saƙo 5,000 a rana, amma ƙaramin shago ma ya amfana idan ya bi.

Kanu yana shigowa ne ta bayan gida. Manyan baƙaƙe daga farko har ƙarshe, alamar motsin rai uku a jere, da alƙawarin da ba a cika ba, su ne suke sa mutum ya fusata ya kai ƙara. A jerin mutum 600, mutum biyu kacal suka danna `Report spam` an riga an haura kashi 0.3. Ɗan hoton nan na emoji, ɗaya ya isa idan ana so, kuma kada ya maye gurbin kalma, domin ba kowace waya ce take nuna shi iri ɗaya ba.

10. Na ga wasu suna fara kanu da `Re:` ko su rubuta "yau kaɗai". Yana aiki?

Za a buɗe, amma da ƙarya aka buɗe. `Re:` yana cewa amsa ce ga saƙon da mutum ya aiko, alhali bai aiko ba. Ƙa'idojin Gmail ga masu turawa sun hana wannan, dokar CAN-SPAM ta Amurka ta 2003 ta haramta kanun yaudara, a Najeriya kuma dokar kare masu saye ta 2018 ta hana talla mai ɓatar da mai saye. Ko ba doka, mutum 600 ɗin nan mutanen da za ka sake nema ne a watan Nuwamba.

"Yau kaɗai" da "saura kaɗan" halal ne idan haka abin yake. Sa'ar mai rangwamen ƙarshen lokaci ita ce ƙarancinsa na gaske ne: barguna 40 ne, ba za a sake kawo wasu ba sai baɗi. Faɗi lambar kawai. Amma idan ka ce Asabar ka rufe, Litinin kuma aka ga "an ƙara kwana uku", a rangwame na gaba ba wanda zai yi sauri.

11. Saƙo nawa zan tura, kuma kanu ɗaya zan maimaita?

Ga rangwamen mako guda uku sun wadatar, kowanne da kanunsa, domin kowanne labari daban yake kawowa. Ga yadda shagon misalinmu zai jera su. Litinin, buɗewa: "Bargon nan ya sauko", tsakure ya faɗi adadi da ranar rufewa. Alhamis, halin da ake ciki: a ƙirga abin da ya rage da safe, idan 17 ne a rubuta "Daga 40, saura 17". Wannan kanun yana jan hankali da kansa, domin yana nuna wasu sun riga sun saya, kuma ba wanda ya ƙirƙiri lambar. Asabar da safe, rufewa: "₦13,500, yau muke rufewa", ba a ɓoye komai ba.

Idan Alhamis ta zo barguna 36 ne suka rage, kada ka rubuta lambar, ba za ta taimake ka ba, kuma kada ka ƙirƙiri wata. Juya zuwa wani mai sayen daga cikin ukun da ke tambaya ta 4, ka gwada masu kayan ɗaki ko masu sari. Sannan ka cire waɗanda suka riga suka saya daga saƙo na biyu da na uku. Wanda ya biya ranar Talata ba ya buƙatar a riƙa tuna masa ana rufewa.

12. Ta yaya zan san wane kanu ya fi? Ana maganar gwada biyu.

Ana raba jeri gida biyu ba tare da zaɓe ba, a tura saƙo iri ɗaya a lokaci ɗaya, kanu kawai ya bambanta. Manhajoji suna kiransa `A/B test`. Abu ɗaya za ka canza, misali mai farashi da marar farashi, in ba haka ba ba za ka san abin da ya kawo bambancin ba.

Sai dai ƙaramin jeri yana ruɗi. A ce mutum 300 sun samu kanu na farko, 90 suka buɗe, wasu 300 sun samu na biyu, 99 suka buɗe. Kashi 30 ke nan da kashi 33, kuma irin wannan tazarar tana iya fitowa ko da kanu ɗaya ka tura wa ɓangarorin biyu. A jeri mai wannan girman sai tazarar ta kai wajen maki bakwai ko takwas, kamar 90 da 114, kafin ka fara yarda da ita. Lissafin buɗewar ma kansa ba tsab yake ba. Ana ƙirga shi ne da wani ɗan mitsitsin hoto da ke cikin saƙon, kuma tun 2021 manhajar Mail ta Apple tana iya ɗauko hoton da kanta ko mai wayar bai buɗe ba, sai a ƙirga shi cikin masu buɗewa. Don haka ka fi dogara ga waɗanda suka danna mahaɗi, suka amsa, ko suka yi magana ta WhatsApp suna tambayar bargon. Kanun da ya kawo buɗewa da yawa amma ba wanda ya tambaya, galibi irin na tambaya ta 3 ne da ya ɓoye komai.

13. Na rubuta "ƙarshe" sai ya fito da wasu alamomi a wayar wani. Me ya faru?

Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da alamar ₦, suna buƙatar tsarin rubutu na UTF-8. Idan wani wuri a hanya ya karanta su da tsohon tsari, sai ƙ ta koma `Æ™`, ɗ ta koma `É—`. Gmail da manyan manhajojin talla suna tura su daidai idan a cikinsu ka buga kanun. Matsalar ta fi zuwa daga kwafowa daga wani tsohon fayil, ko daga jerin sunaye da aka adana a Excel. Wurin adanawa zaɓi `CSV UTF-8`, ba `CSV` zalla ba.

Kada tsoron wannan ya sa ka jefar da lanƙwasar, domin "baɗi" da "ƙarshe" da "ɗauki" sun fi saurin karantuwa da ita. Kafin kowane saƙo ya tafi ga mutum 600, tura shi ga kanka, ka duba a wayar Android da kuma iPhone idan akwai ta kusa. A nan za ka ga haruffan, ka ga inda aka datse kanun, ka ga ko tsakuren da ka rubuta ne ya fito ko gaisuwar farkon saƙo.